Ajin Fiziks a Leicester: Abin da Na Gani Game da Zaɓin 'Yan Mata

Ziyarar dangi ce ta kai ni Ingila a tsakiyar hunturu. Ƙanwata tana aikin jinya a Leicester, birnin da ke tsakiyar ƙasar, tafiyar kusan awa ɗaya daga Landan a jirgin ƙasa. Ni kuwa fiziks nake koyarwa a wata sakandare a Zariya, kuma malamin makaranta ko hutu ya tafi sai ya leƙa aji. Na tarar da gidan ana cikin cike takardu, domin babbar 'yarta mai shekara 16 za ta zaɓi darussan da za ta yi a shekaru biyun ƙarshe na sakandare. A jarrabawar gwaji ta ci maki 8 a fiziks, alhali 9 ne ƙoli a tsarinsu. Da na duba takardar, babu fiziks a ciki. Bayoloji ta rubuta, da kimistiri, da ilimin halayyar ɗan Adam.

Na ce mata, "Ke da kika ci 8, me fiziks ya yi miki?"

Ta ce, "Kawu, babu abin da ya yi min. Ina jin daɗinsa ma. Kawai dai ba na irina ba ne."

Wannan amsa ce ta sa na nemi wata malamar kimiyya a makarantarsu ta bar ni in zauna a bayan aji, na kuma shiga karanta abin da masu bincikensu suka rubuta. Sai na gane cewa amsar yarinyar tsohuwar magana ce a Ingila, an kuma daɗe ana bin diddiginta.

Dole in fara da tsarin, domin ya bambanta da namu. A wurinmu yaro ya shiga ajin kimiyya a babbar sakandare, to ya ɗauki fiziks da kimistiri da bayoloji gaba ɗaya, ba a raba masa su. A Ingila kowa yana yin kimiyya har shekara 16, lokacin da ake zana jarrabawar GCSE. Daga nan sai a shiga abin da suke kira Matakin A, inda yawanci ɗalibi darussa uku kacal yake ɗauka, kuma shi ke zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Yana iya ɗaukar kimistiri ya bar fiziks, ko ya haɗa bayoloji da tarihi. Wanda zai karanta injiniyanci a jami'a galibi ana neman lissafi da fiziks a wurinsa. Mai son likitanci kuwa kimistiri ake nema, sau da yawa tare da bayoloji, ba a tilasta masa fiziks. Saboda haka zaɓin da aka yi a shekara 16 yana rufe wasu ƙofofi da wuya a sake buɗe su.

A GCSE, kusan rabin masu zana fiziks mata ne, kuma sakamakonsu bai gaza na maza ba. Da an tsallaka zuwa Matakin A sai su koma kusan ɗaya cikin biyar, kuma adadin ya shafe shekaru fiye da 30 yana yawo tsakanin kashi 20 zuwa 23 cikin ɗari. Amma kada mai karatu ya ɗauka 'yan matan Ingila sun guji kimiyya. A bayoloji sun haura kashi 60, a kimistiri sun fi maza yawa, a ilimin halayyar ɗan Adam kusan uku cikin huɗu su ne. A 2019 ma, idan aka haɗa darussan kimiyyar uku, mata sun ɗan zarce maza. Na ga hakan da idona: ɗakin gwajin kimistiri cike da 'yan mata, da yawansu 'ya'yan iyalan da asalinsu Indiya ne ko Somaliya, waɗanda Leicester ta cika da su. Ƙofa biyu gaba, a ajin fiziks, 'yan mata kaɗan ne, sun haɗu a tebur ɗaya kusa da taga. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa aka ware fiziks da ilimin kwamfuta, tun da kimistiri ma ba wasan yara ba ne.

Akwai amsar da ta fi sauƙi, kuma tana da masu faɗinta. A watan Afrilun 2022, Katharine Birbalsingh, shugabar wata fitacciyar makaranta a Landan, wadda a lokacin take jagorantar hukumar da ke ba gwamnati shawara kan yadda 'ya'yan talakawa za su ci gaba, ta shaida wa wani kwamitin majalisa cewa 'yan mata ba sa son fiziks ne saboda lissafi mai wuya da ke cikinsa, kuma a ganinta abu ne na halitta. An yi ca a kanta. Malamar da ta karɓe ni ba ta tsaya faɗa ba, ta ce in duba lissafin kansa: kusan biyu cikin biyar na masu yin lissafi a Matakin A mata ne, wato kusan ninki biyu na rabonsu a fiziks. In lissafi suke gudu, yaya aka yi suka fi yawa a ajin lissafin fiye da na fiziks?

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga Cibiyar Fiziks ta Birtaniya. A rahotonta na 2012 ta bi makarantun Ingila ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa kashi 49 cikin ɗari na makarantun gwamnati masu haɗa maza da mata ba su tura ko yarinya ɗaya zuwa fiziks na Matakin A ba a 2011. Ta kuma gano cewa yarinyar da ke makarantar mata zalla ta fi takwararta ta makarantar haɗaka yiwuwar ɗaukar fiziks da kusan ninki biyu da rabi. Akwai abin lura a nan, domin makarantun mata zalla a Ingila sau da yawa na 'ya'yan masu hali ne ko masu tace ɗalibai da jarrabawa, don haka ba duka bambancin za a jingina wa rabuwa da maza ba. Duk da haka hanyar gwajin tana da kyau. Abin da yake na halitta ba zai canza daga wannan makaranta zuwa waccan a gari ɗaya ba. In ya canza, to akwai abin da makaranta da gida suke yi.

Mene ne wannan abin? A nan ne masana zamantakewa suka shigo, kuma sunan da na fi ji shi ne na Farfesa Louise Archer, wadda tun 2009 take jagorantar wani dogon bincike mai suna ASPIRES, da farko a kwalejin King's ta Landan, daga baya a UCL. Sun fara da yara 'yan shekara 10, suka yi ta komawa wurinsu da iyayensu har suka girma. Abu na farko da suka gano ya rushe tunanin da gwamnatoci ke kashe kuɗi a kansa, wato cewa matsalar rashin sha'awa ce. Mafi yawan yaran, maza da mata, sun ce suna koyon abubuwa masu ban sha'awa a darasin kimiyya, amma kusan kashi 15 ne kawai suka ce suna son zama masana kimiyya. Son abu daban, ganin kai a cikinsa daban. Abin da 'yar ƙanwata ta faɗa min ke nan, ba tare da ta taɓa jin sunan Archer ba.

Archer ta aro kayan aikinta daga Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa Bafaranshe da ya rasu a 2002. Bourdieu ya ce jari ba kuɗi kaɗai ba ne. Ilimin da ke yawo a gida, da irin mutanen da ka sani, da yadda ka iya magana a gaban manya, duk jari ne, ana kuma gadon su. Ya ce kuma akwai sabo da ke zama a jikin mutum tun yana ƙarami, wanda ke gaya masa abin da ya dace da irinsa da wanda bai dace ba, ba tare da kowa ya kafa masa doka ba. Sannan kowane fage, makaranta ko sana'a, yana da irin jarin da yake karɓa da wanda yake watsar wa. Daga nan Archer da abokan aikinta suka fitar da abin da suka kira jarin kimiyya, suna auna shi ta fuska huɗu: abin da yaro ya sani na kimiyya, yadda yake kallonta, abin da yake yi da ita a wajen aji, da kuma wanda ya sani a cikinta. A wani ƙiyasi da suka wallafa a 2015, kashi 5 ne kawai na ɗaliban suke da jari mai yawa, kashi 27 kuma ɗan kaɗan, kuma masu yawan sun fi karkata ga maza da 'ya'yan masu hali.

Bari in bi labarin yarinyarmu da wannan ma'auni, mataki mataki, domin ta haka ne na ga amfaninsa.

Matakin farko ya wuce tun tana shekara 13 zuwa 14. A lokacin ake raba ɗalibai biyu: masu yin kimiyya a haɗe, wadda ke ba da sakamakon GCSE biyu, da masu yin darussan uku a rarrabe. A makarantu da yawa malamai ne ke tantance wanda zai shiga rukuni na biyu, kuma daga cikinsa ne mafi yawan masu fiziks na gaba suke fitowa. Ita ta tsallake wannan shinge, an saka ta a rukunin masu darussa uku. Ƙawarta ta kusa ba ta samu ba, kuma tun daga ranar take cewa ita ba 'yar kimiyya ba ce, ko da yake babu dokar da ta hana ta.

Mataki na biyu shi ne gida. Jarin kimiyyarta ba kaɗan ba ne, amma duk gefe ɗaya yake. Uwa ma'aikaciyar jinya, ƙawayen uwa likitoci da masu haɗa magani, hirar cin abinci ta asibiti ce. Ta san likita mace, ta san yadda ranarta take, ta san har albashinta. Na tambaye ta ko ta san injiniya mace ko ɗaya, ta yi shiru tana tunani, ta ce a'a. A Leicester akwai babbar cibiyar nunin kimiyyar sararin samaniya da aka buɗe a 2001, da doguwar hasumiya mai rokoki a ciki. Ƙanenta ake kaiwa can lokacin hutu, domin shi ne aka ce yana son injina. Da na yi wa ƙanwata maganar, ta ce, "Yaya, wallahi ban taɓa hana ta ba, ba ta dai taɓa cewa tana so ba." Gaskiya ta faɗa, kuma daidai abin da Bourdieu yake nufi ke nan. Ba a hana ba, ba a kuma yi tayi ba, yarinya kuwa tana karanta shirun.

Mataki na uku lissafi ne da ta yi da kanta, kuma a nan wata masaniyar ce ta fi taimaka min, Jacquelynne Eccles ta Amurka, wadda tun farkon shekarun 1980 take cewa ɗalibi yana zaɓar darasi ne bisa abu biyu: yadda yake tsammanin zai ci, da darajar da darasin yake da ita a wurinsa, har da abin da zai rasa in ya ɗauke shi. Ga makin yarinyar: fiziks 8, lissafi 8, kimistiri 8, bayoloji 9, Turanci 9. Ga na wani yaro ɗan ajinsu da malamar ta nuna min ba tare da suna ba: fiziks 7, lissafi 7, bayoloji 6, Turanci 5. Ta fi shi a fiziks. Amma shi in ya dubi takardarsa, fiziks ne inda ya fi ƙarfi, ita kuwa in ta dubi tata, fiziks yana cikin na ƙasa. Gurbi uku ne kacal. Shi ya ɗauki fiziks yana jin kansa gwani, ita ta bar shi tana jin ba a nan ta fi ba. Tun da a jimlace 'yan mata sun fi maza cin darussan karatu da rubutu, wannan kwatancen na cikin gida yana fitar da ƙwararrun mata daga fiziks ba tare da kowa ya zalunce su a fili ba.

Mataki na huɗu shi ne sunan da fiziks ya yi. A can ana ɗaukarsa darasin masu baiwa, wanda ƙoƙari kaɗai ba ya kai mutum. Makarantu da yawa suna neman maki mafi girma kafin su karɓi ɗalibi a fiziks fiye da yadda suke nema a wasu darussan, kuma malamai kan gargaɗi ɗalibi cewa akwai wuya. Gargaɗin iri ɗaya ne, amma ba ya sauka iri ɗaya. Wani bincike da Lin Bian da Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian suka wallafa a 2017 a Amurka ya nuna cewa tun a shekara 6 'yan mata sun fara rage danganta tsananin basira da jinsinsu, abin da ba a gani a 'yan shekara 5. Na ji irin wannan a ajin da na zauna. Yaron da ya ci ana cewa yana da kai, yarinyar da ta ci ana yabon ƙwazonta da tsaftar littafinta. Malamar ba muguwa ba ce, yabo take yi, kuma na tabbata ana yin haka a ɗakunan malamanmu.

Archer ta ƙara da ra'ayin Judith Butler, mai cewa zama mace ko namiji a idon jama'a abu ne da ake aikatawa kullum ta sutura da magana da zaɓi, jama'a kuma suna sa ido. Da suka bi 'yan matan da suka daure har suka ɗauki fiziks, sun tarar yawancinsu suna da maki na ƙoli, da gida mai jarin kimiyya sosai, kuma da yawansu suna bayyana kansu da cewa su ba kamar sauran mata ba ne. Wannan ne ya fi tsaya min a rai. Namiji matsakaici yana shiga ajin fiziks ba tare da ya bayyana wa kowa dalili ba, mace kuwa sai ta zama zakaran gwajin dafi, ta kuma yarda a ware ta daga ƙawayenta. Ba kowace 'yar shekara 16 ce za ta biya wannan farashi ba.

Ina da ƙorafi a kan waɗannan ra'ayoyin, kuma na faɗa wa malamar. Sun iya bayanin abu bayan ya faru. Yarinya ta bar fiziks, a ce sabo ne. Ta ɗauka, a ce jari ne. Ra'ayin da ba ya taɓa faɗuwa abin tuhuma ne ga mai koyar da fiziks. Sannan jarin kimiyya shi kaɗai bai bayyana dalilin da ya sa 'ya'ya biyu na gida ɗaya suke rabuwa ba, sai an haɗa da batun jinsi. Abin da ya rage min shakka shi ne kwatanta ƙasashe. Maria Charles da Karen Bradley sun duba ƙasashe 44 a wani aiki na 2009, suka ga rarrabuwar fannoni tsakanin maza da mata ta fi tsanani a ƙasashe masu arziki, inda ake gaya wa yaro ya bi abin da zuciyarsa take so. Bayaninsu shi ne, in aka ce zaɓi hanyar bayyana kai ne, yaro yana ɗauko hoton kansa daga abin da al'umma ta riga ta zana masa. A Malesiya, masu bincike irin su Vivian Lagesen da Ulf Mellström sun tarar mata sun cika azuzuwan ilimin kwamfuta, domin a can ana ganinsa aikin ofis ne na cikin ɗaki da ya dace da mace. Darasi ɗaya, a Ingila na maza ne, a Malesiya na mata. Wasu sun karanta irin waɗannan alƙaluma ta wata fuskar, suka ce 'yanci ne ke fito da bambancin halitta, kamar Gijsbert Stoet da David Geary a 2018, amma an ƙalubalanci yadda suka yi lissafinsu har mujallar ta buga gyara.

Me aka gwada? Tarayyar Turai ta fitar da wani bidiyo a 2012 mai nuna 'yan mata da dogon takalmi da jan baki a ɗakin gwaji, don a jawo su ga kimiyya. Aka yi masa tofin Allah tsine, aka janye shi cikin 'yan kwanaki. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa yarinyar ce ke buƙatar gyara. Cibiyar Fiziks ta bi wata hanyar a wani gwaji a makarantu shida tsakanin 2014 da 2016: aka horar da dukkan malamai, har na Turanci da na wasanni, aka duba wa ake kira ya amsa tambaya, aka duba takardun shawarar sana'a, aka kuma tattauna da ɗaliban kansu. 'Yan matan da suka fara fiziks a makarantun suka tashi daga 16 zuwa 52. Makarantu shida ba su isa a kafa hukunci ba, amma alkiblar ta dace da sauran hujjojin. Malamar ta ƙara min da wata matsala ta daban: Ingila na fama da ƙarancin malaman fiziks, har sau da yawa mai digirin bayoloji ne ke koyar da shi a ƙananan azuzuwa, kuma yarinyar da dama take shakka ita ce ta farko da darasi marar armashi ke kora.

'Yar ƙanwata ba ta canza takardarta ba, ni ma ban matsa mata ba. Likita take son zama, kuma zaɓinta ya dace da hakan.

A wurinmu yarinya mai son likitanci dole ta zana fiziks a JAMB, don haka tsarinmu yana riƙe ta a ajin har ƙarshe, kuma buƙatar likita mace da za ta duba mata ta sa iyaye da yawa suna goyon bayan kimiyyar 'ya'yansu. Wannan ya ɓoye rarrabuwar, bai kawar da ita ba, domin tana fitowa a wasu wurare. Ina roƙon shugabannin makarantunmu na haɗaka su buɗe rajista su ƙirga 'yan mata nawa ne ke ajin lissafi mai zurfi da na zanen fasaha, nawa ne kuma cikin masu cin fiziks suka cike injiniyanci a takardar JAMB ta bana, sannan su kwatanta da makarantar kimiyya ta mata zalla mafi kusa da su.